Sandunan Ciniki a Shagon Abincin Kaji

Shekarar da cuta ta shiga gonakin citta ta ruɓar da ita a cikin ƙasa, daga Kwoi har Kagoma, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina da shekara arba'in da bakwai. Gonakina biyu sun tafi. Wata 'yar ƙarama da ke kan tudu ce kawai ta tsira, na haƙe ta na samu buhu takwas na iri mai lafiya, irin da na gada daga babana. Na zuba shi a inuwa can gida Kagoma, na rufe da ciyawa, ina jiran ruwa ya sauka in shuka. A tsakani ba ni da aikin yi, sai na koma zama a shagon matata a Kafanchan, inda take sayar da abincin kaji, da buhu da kuma mudu. Talata da Alhamis da yamma kuma ina zuwa aji a bayan majami'a, in zauna a kan bencin yara gwiwata tana taɓa haɓata.

Malamarmu tsohuwar ticha ce da ta yi ritaya. Tana da doka ɗaya da ba ta wasa da ita: ba a goge abin da aka rubuta, ba a yage shafi. In ka yi kuskure, ka bar shi a nan, ka ci gaba a ƙasa. Ta ce mu manya mun cika jin kunyar rubutunmu, da ta bar mu da abin gogewa da littafi ya ƙare babu komai a ciki sai rami. Na riƙe dokar nan kamar ayar haddacewa.

Matata tana da ƙani, malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Kwoi, yana da mata da yara uku, amma a wurina har gobe ƙanin mata ne, abokin wasa. Da ya zo Kirsimeti ya same ni ina haɗa baƙaƙe a jikin buhun abincin kaji, sai ya durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Farfesa! Yau wane littafi ake karantawa?"

"Littafin da ke ciyar da yayarka," na ce. "Tashi kar ka ɓata wandon aro."

Shi ne ya kawo shawarar. Yana da tsohuwar kwamfutar laftof wadda batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take numfashi. Ya ce zai bar mana ita. Ni zan riƙa shigar da cinikin shago, in samu wurin gwada karatuna, shi kuma zai gina mana shafi ɗaya da zai nuna cinikin kowane wata da zane. Ya kira shi dashbod, ya ce kamar na gaban direba ne, kallo ɗaya ka san ko kana gudu ko kana rarrafe.

Hutun nan muka gama shi a kan teburin shago, shi yana bugawa, ni ina tsaye a bayansa ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Aikina mai sauƙi ne a faɗa. Akwai wani shafi mai gida-gida kamar kunyoyin gona. Layin farko yana ɗauke da sunaye uku: kaya, yawa, farashi. Duk cinikin da aka yi, layi ɗaya ne. In wata ya ƙare sai in adana shi a matsayin CSV. Da ya buɗe mini fayil ɗin CSV tsirara na gani, sai na ji raini ya kama ni, don ba komai a ciki sai rubutu zalla, kowane ciniki a layinsa, da waƙafi yana raba kaya da yawa da farashi.

Da farko ya sa gida na huɗu, na kwanan wata. Na gwada. Da yatsa ɗaya nake bugawa, kuma sai na zagaya allon baƙaƙen nan kamar mai neman akuyar da ta ɓata kafin in samu harafi. Mai saye yana tsaye, ni ina neman lambar bakwai. Na ce masa ya cire. Ya ce ba laifi, sunan fayil zai gaya wa shafin watan da ake ciki. Na Janairu zai fara da 01, na Fabrairu da 02, haka har ƙarshen shekara, don su jeru daidai. Na yi murna na rage wa kaina wahala.

Nasa aikin kuma da JavaScript ya yi shi. Ya ce yare ne da burauza take ji, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Akwai kayan zane da wasu suka riga suka haɗa, amma bai ɗauko ko ɗaya ba. Ya ce yana so ya rubuta komai da hannunsa a fayil guda, wanda zai buɗe ko babu data, kuma in ya lalace ya san inda zai taɓa. Ya yi maɓallin da zan danna in zaɓi fayilolin watanni. Shafin zai karanta kowanne, ya yanka shi layi-layi, ya tsallake layin farko mai sunaye, ya yanka sauran a kan waƙafi, ya ninka yawa da farashi, ya tara jimla a ƙarƙashin watan. Daga nan ya zana sanda ɗaya ga kowane wata a wani farin fili da ya kira kanbas.

Gwajin farko ya ba ni jin daɗin da ban taɓa samu a aji ba. Mun sa buhu biyar da buhu uku, muka ce ya tara mana yawan, ya ce hamsin da uku.

"Ticha," na ce, "ko a ajinmu na tsofaffi wanda ya faɗi haka malama za ta sa shi ya maimaita."

Ya yi dariya ya ce laifinsa ne. Duk abin da ya fito daga CSV, a wurin JavaScript rubutu ne, ba lamba ba, shi ya sa ya manna 5 da 3 gefe da gefe. Sai an gaya masa ya mayar da su lamba tukuna. Ya gyara. Da aka zo zane kuma, sandunan suka fito suna rataye daga sama kamar jemagu a bishiyar mangwaro. Ashe kanbas daga sama yake fara ƙirga, yana yin ƙasa. Dole ya cire tsawon sanda daga tsawon filin kafin ta tsaya da ƙafarta. Na bi unguwa ina ba da labari cewa na ga inji yana kuskuren da ni ba zan yi ba. Da na san abin da ke gaba da na rage murya.

Ranar da zai koma Kwoi ya ce, "Farfesa, abu ɗaya. Kowane wata, sabon fayil."

Na ce, "Wannan kuma ai ko yaro."

Janairu ya ƙare lafiya. Na adana fayil, na buɗe shafin, sanda ɗaya shuɗiya ta miƙe har saman fili. Matata ta leƙa ta ce, "To, mene ne ya ce?" Na ce ya ce mun yi ciniki. Ta ce ai da ma ta sani.

Ranar ɗaya ga Fabrairu na zauna zan yi sabon fayil. Ban san yadda ake buɗe shafi fari a sa masa sunayen nan uku ba, kuma ba na so in kira ƙanin mata in ba shi abin dariya na wata guda. Abin da na iya shi ne adana fayil da wani suna. Sai na buɗe na Janairu, na ba shi suna mai farawa da 02. Ga sabon fayil. Layukan Janairu suna nan a ciki, sun fi ɗari, kowanne da yatsana ɗaya na haife shi. Tunanin in goge su bai ma daɗe a kaina ba. Ba a goge abin da aka rubuta. Na gangara ƙasa, na ci gaba daga inda na tsaya. Haka na yi a Maris, haka na yi a Afrilu.

Ƙarshen Fabrairu sanduna biyu suka fito, ta biyu ta ninka ta farko. An gina shafin ne yadda sandar da ta fi kowacce tsawo za ta taɓa sama, sauran a auna su da ita, don haka Janairu ya koma rabi. A Maris ya koma kamar ɗan ƙaramin yaro a hoton iyali. Zuwa Afrilu sanduna huɗu sun jeru kamar matakalar bene, kowacce ta ɗara ta baya da taki ɗaya daidai. A ƙarƙashinsu akwai lambobin naira masu sifiri da yawa, waɗanda a lokacin ba mu kai su a aji ba. Tsawon kawai nake kallo, kuma tsawon yana da daɗin kallo.

Ba zan ce babu abin da ya gaya mini gaskiya ba. Bayana ya gaya mini, don ni ke sauke buhuna, kuma ba su ƙaru ba. Goma-goma muke saro su in sun ƙare, kamar kullum. Aljihuna ma ya gaya mini. Amma na yi shekara arba'in da bakwai ina ganin masu takarda suna cin gardama a kaina, a ofis, a asibiti, a wurin awon citta. Duk lokacin da abin da na sani ya yi karo da abin da aka rubuta, rubutu ne ke da gaskiya. Yanzu ga rubutu nawa na kaina, har da launi, yana cewa ina arziki. Wane ne bayana da zai yi musu?

Dalilai kuwa na samo su da yawa. Farashi yana tashi kowane mako. Mutane suna kiwon kajin Ista. Manoman da citta ta kayar sun koma kaji. Duk gaskiya ne, kaɗan-kaɗan.

Matata ta tambaya sau ɗaya. "Baban yara, in cinikin ya ninka haka, ina kuɗin?"

"Suna cikin kaya, Mama. Haka kasuwanci yake, kuɗi ba ya zama."

Ta dubi kayan, ta dubi sandunan. Ita ma sandunan sun fi yi mata kyau. Ranar taron zumuntar mata sai ga ta da ƙawaye biyu, ta ce in kunna musu su gani. Na kunna, na tsaya a gefe ina nuni da biro kamar mai wa'azi. Duk ƙarshen wata kuma ina ɗaukar hoton allon in aika wa ƙaninta. Shi yana can cikin shirin jarrabawar ɗalibai, sai ya amsa da murya: "Kai, Farfesa! Ka tuna da mu in ka shiga mulkinka." Hoton sanduna yake gani. Fayil ɗin bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa tunanin aika masa ba.

Ruwa ya sauka. Lokacin shuka citta ya yi, kuma a shekarar iri mai lafiya ya zama kamar zinariya, don kusan kowa nasa ya ruɓe. Mutane suna zuwa har gida suna roƙon in sayar musu da buhu ɗaya. A daidai lokacin ne dilan da muke saro kaya a wurinsa ya ce duk wanda zai ɗauki buhu ɗari a tashi ɗaya zai rage masa farashi, ya kawo masa har ƙofa, kafin a sake ƙarin kuɗi. Abincin kaji ba ya jure ajiya, balle da damina irin tamu da ko gishiri yake yin kuka a cikin kwano. Na san wannan sarai. Amma na sa biro a kan allo na bi matakalar nan zuwa sama, na ga inda sandar Mayu za ta kai, na ga ta Yuni. A lissafina buhu ɗari ba zai ga ƙarshen Yuni ba.

Na je Kagoma na yaye ciyawar. Irin ya fara tsiro, 'yan idanu farare suna leƙowa. Yayana, wanda muke gona iyaka ɗaya, ya tsaya yana kallona ina ɗurawa a buhu.

"Duka za ka sayar?"

"Duka."

"Ko buhu biyu ba za ka bari ba? Irin Baba ne fa."

"Yaya, cutar nan tana cikin ƙasa. In na shuka, caca ce. Wancan kuwa a rubuce yake."

Ya ce, "To, mai karatu." Ya juya ya koma gonarsa. Kuɗin irin bai kai ba, sai na sayar da babur ɗina na haɗa. Motar dila ta zo ranar kasuwa, aka yi ta sauke kaya maƙwabta suna kallo. Buhuna suka cika shago har rufi, sauran muka jera a ɗakin baya a kan katako. Na sa sabuwar riga ranar, ban san dalili ba.

Mayu ya wuce ina zaune a gindin dutsen buhuna ina jiran ya ragu. Masu saye suna zuwa yadda suka saba, mai mudu biyu, mai mudu biyar, wani lokaci mai buhu. Ƙarshen wata na adana fayil na biyar, na kunna shafin. Sandar Mayu ta fi duka tsawo. Na dube ta, na juya na dubi bayana. Na tashi na ƙirga buhunan da hannu, ina taɓa kowanne. Tamanin da ɗaya. Na sake ƙirgawa da yarenmu, ko Hausa ce ke cutata. Tamanin da ɗaya.

Na kira ƙanin matata, Asabar ya zo a kan acaɓa, ruwa ya jiƙa shi. Bai ko buɗe shafin zanen ba. Fayil ɗin Mayu ya buɗe, ya yi ta gangarawa, ya yi ta gangarawa.

"Farfesa, layi nawa ne wannan? Wata ɗaya?" Ya koma sama ya karanta cinikin farko. Ya buɗe na Janairu ya ajiye a gefe. Iri ɗaya. Ya buɗe na Fabrairu. Ya cire tabarau ya goge da rigarsa da ta fi tabarau jiƙewa.

"Ba na ce maka sabon fayil ba?"

"Sabo ne mana. Dubi sunan."

"Na tsohon watan fa? Me ya sa ba ka goge ba?"

"Ba a goge abin da aka rubuta."

"Wa ya ce?"

"Malama."

Ya mayar da tabarau a ido. Daga nan ya yi mini bayani a hankali, ba tsokana, abin da ya fi tsokanar zafi. Shafin bai san Janairu ba, bai san Mayu ba. Duk layin da ya tarar a fayil mai 05, na Mayu ne a wurinsa. Sandar Fabrairu, Janairu ce da Fabrairu. Ta Mayu, wata biyar ne aka ɗora a kan juna. Na yi wata huɗu ina sayar wa kwamfuta buhunan da na riga na sayar, tana biya kuma ba ta gajiya.

Matata ta zauna a kan mudu da ke kife. "Wato abin da na kira mata suka gani fa?"

"Yaya, ni ma da laifina," in ji ƙaninta. "Da na bar kwanan wata, da kowane layi ya san gidansa. Kuma matakala mai kyau haka, da na tambaya. Wane ciniki ne yake hawa kamar an auna da igiyar magini?"

"Ku biyu," ta ce, "ɗaya ya yi digiri, ɗaya yana aji ɗaya, kun haɗu a tsakiya."

Gyaran bai ɗauki rana ba. Ya kwafe fayilolina na asali ya ajiye a wani wuri dabam, don ya ga fuskata lokacin da ya kai hannu zai goge. A cikin kwafin, ya cire daga kowane fayil layukan watan da ya gabace shi. Ya mayar da gidan kwanan wata, ya sa wa tsofaffin layukan watan fayil ɗinsu, ya canza JavaScript ɗin yadda zai ɗauki watan daga kwanan da ke layin, ya daina dogara da suna. Ya ƙara jan rubutu da zai fito in aka samu layin wani wata a fayil ɗin da ba nasa ba. Ya yi mini fayil fari mai sunaye kawai, wanda zan riƙa kwafa duk farkon wata. Sannan ya danna maɓallin. Sanduna biyar suka fito kusan kai ɗaya, kamar katangar makaranta. Ta Maris ta ɗan ɗaga saboda Ista. Shi ke nan. Kusan buhu ashirin a wata, yadda shagon yake tun kafin in iya rubuta sunana.

Daga nan sai tsere da damina. Mun rage farashi. Na bi masu kiwon kaji gida-gida da ƙafa, tunda babur ya tafi, ina tallar abin da na saya don a zo a same ni a zaune. Na roƙi dila ya karɓi rabi, ya ce kaya in ya fita ya fita. Duk ranar da rana ta leƙo muna fitar da buhuna mu juya su. A Yuli na ɗakin baya suka fara dunƙulewa. A Agusta na buɗe ɗaya, wari ya buge ni, ciki ya yi kore. Irin wannan ba a ba kaza, ba a ba alade. Na yi hayar amalanke aka kai su bayan gari aka zuba a rami.

A aji na ba malama labari. Ta yi dariya har ta riƙe tebur, sannan ta ce dokarta ta littafin aji ce, ba ta ce in kai ta kasuwa ba. Amma ba ta janye ta ba, kuma makon da ya biyo ta fara koya mana lambobi masu sifiri da yawa, tana kallona duk lokacin da ta ƙara ɗaya.

Wanda ya sayi irina ya shuka a wajen Kwoi, an ce cittar ta yi kyau. Ban je na gani ba. Yayana ya ce zai tambaya ko mutumin zai sayar mana da buhu ɗaya baɗi.

Abin da ya tafi: buhu talatin da huɗu na abincin kaji, buhu takwas na irin citta, babur ɗaya, da damina guda da gonar kan tudu ta kwana ba shuka.